Maki Nawa Ya Rage? Lissafin Da Ya Kamata Ɗalibi Ya Yi Kafin Jarrabawar Ƙarshe

A yawancin manyan makarantun Najeriya, idan jarrabawar ƙarshen zango ta ƙarato, akwai takardar da ɗalibai ke cincirindo a kanta fiye da jadawalin jarrabawar kansa. Ita ce takardar makin gwaji da aikin gida, wadda malami ke liƙawa a allon sanarwa na sashe ko ya miƙa wa shugaban aji ya tura wa jama'a ta waya. A samanta akan ga haruffa biyu, CA, a gefe kuma lambobin rajistar ɗalibai, kowa da abin da ya samu. Wani ya ga 27 ya yi murmushi, wani ya ga 11 ya ce inna lillahi. Kaɗan ne daga cikinsu ke zama su tambayi kansu tambayar da wannan takarda ke iya amsawa: da wannan maki da ke hannu, nawa ake buƙata a jarrabawa kafin a kai matakin da ake so?

Lissafin bai wuce ragewa ɗaya da rabawa ɗaya ba, kuma kalkuletar wayar hannu ta isa. Sai dai akwai wurare uku ko huɗu da ake yawan zamewa, zamewar kuma takan jawo wa ɗalibi asarar mataki guda cur.

Kowane kwas maki 100 ne, an raba shi gida biyu. Wasu jami'o'i suna ba gwaje-gwaje da aikin gida maki 30, jarrabawa ta ɗauki 70. Wasu kuma 40 da 60 suke yi. A ma'aunin da akasarin jami'o'in ƙasar ke bi, wanda ya haɗa 70 zuwa sama ya ci A, 60 zuwa 69 B, 50 zuwa 59 C, 45 zuwa 49 D, 40 zuwa 44 E, abin da ya gaza 40 kuma faɗuwa ce, sai kariyoba. Saboda haka abu uku ɗalibi zai sani kafin ya taɓa kalkuleta: makin da ya riga ya tara, makin da matakin da yake hari ya fara daga kai, da kuma yawan makin da aka ware wa jarrabawa.

A ɗauki wata ɗaliba da ke kwas mai tsarin 40 da 60, ta tara 26 cikin 40, kuma B take so. B ya fara daga 60, to idan aka cire 26 saura 34. Wannan 34 cikin maki 60 na jarrabawa za ta nemo shi, don haka sai a raba 34 da 60 a ninka da 100, a samu kashi 56.7 cikin ɗari. Ma'ana, idan ta ci ɗan abin da ya haura rabin takardar, B ta samu. Idan A take kwaɗayi, 70 a cire 26 ya zama 44, wanda shi ne kashi 73.3 na jarrabawar. C kuwa maki 24 kawai yake nema, kashi 40. Tsira daga faɗuwa maki 14 ne. A cikin minti biyu ta san inda kowace iyaka take, kuma ta ga cewa tsakanin B da A maki 10 ne kacal, abin da tambaya ɗaya da aka amsa da kyau za ta iya kawowa.

Ga tsarin a layi ɗaya: kason da ake buƙata = (makin da ake hari − makin da ke hannu) ÷ makin jarrabawa × 100.

Wurin zamewa na farko yana cikin “makin da ke hannu”. Ba kullum malami ke gyara gwaji a kan adadin da zai shiga sakamako ba. Ita wannan ɗaliba, 26 ɗinta ba haka ya zo mata a dunƙule ba. Gwajin farko an gyara shi a kan 50, ta ci 30, amma nauyinsa a kwas ɗin maki 15 ne. Gwaji na biyu an gyara shi a kan 20, ta ci 16, shi ma nauyinsa 15. Aikin gida a kan 10, ta samu 5, nauyinsa 10. Idan ta haɗa lambobin da ke saman takardunta kai tsaye, 30 da 16 da 5, za ta samu 51, wanda ya zarce 40 ɗin da aka ware gaba ɗaya, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna mata an yi kuskure. Hanyar da ta dace ita ce a mayar da kowane ɗaya kan nauyinsa: 30 a raba da 50 a ninka da 15 ya ba da 9, 16 a raba da 20 a ninka da 15 ya ba da 12, aikin gida yana nan a 5. Jimilla 26. Inda abin ya fi haɗari shi ne lokacin da jimillar ɗanyen makin ba ta wuce 40 ba, domin babu abin da zai fargar da mai lissafin, sai ya tafi da lambar da ta fi ta gaskiya yana ta murna.

Na biyu ya fi kama masu ƙoƙari, kuma shi ya fi ciwo. Ɗalibi ne a tsarin 30 da 70, ya ci 27 cikin 30, wato kashi 90 cikin ɗari. Sai ya yi lissafi a ka: tunda na samu 90 a gwaji, idan na samu 50 a jarrabawa, tsakaninsu 70 ne, A ta tabbata. Wannan lissafi zai yi daidai ne kawai da a ce gwaji da jarrabawa nauyinsu ɗaya, alhali jarrabawar ta ninka gwajin fiye da sau biyu. Kashi 50 na maki 70 shi ne 35, a haɗa da 27 ya zama 62, B ke nan, kuma ma daga ƙasa-ƙasa. Abin da yake buƙata a gaskiya shi ne 70 a cire 27, maki 43 cikin 70, wato kashi 61.4. Tazarar da ke tsakanin abin da ya zata da abin da ake nema ta haura kashi 11, kuma irin wannan ɗalibi ne ke ajiye littafin kwas ɗin kwana uku kafin jarrabawa ya koma wani, yana ganin ya gama da shi.

Na uku yana kan takardar tambayoyin kanta. Wasu malamai suna tsara tambayoyi su haɗa maki 70 daidai, misali tambayar farko ta dole mai maki 25, sai a zaɓi uku masu 15 kowacce. A nan 43 na nufin 43: idan ya samu 16 a ta dole da 9 a kowacce daga cikin ukun, ya kai. Amma wasu malaman tambaya biyar suke sa a amsa, kowacce maki 20, jimilla 100, daga baya su mayar da sakamakon kan 70. Ɗalibin da ya shiga da lambar 43 a kansa, ya ƙiyasta ya samu 43 cikin 100 ya miƙe ya ba da takarda, abin da zai shiga masa shi ne 43 a ninka da 0.7, wato kimanin 30. A haɗa da 27 ya zama 57, C. A irin wannan takarda 62 yake nema, wato 12.4 cikin 20 a kowace tambaya. Shi ya sa ya fi kyau ɗalibi ya riƙe amsar a matsayin kaso cikin ɗari, domin kaso ba ya canzawa ko a kan nawa aka gyara takardar. Tsofaffin takardun tambayoyi na shekarun baya, waɗanda ake samu a shagunan hoton takardu na cikin makaranta ko wajen 'yan ajin gaba, sukan nuna salon malamin tun kafin ranar.

Wani lokaci lissafin yakan ba da amsar da ta wuce kashi 100, kuma wannan ba kuskure ba ne. Ɗalibin da rashin lafiya ko tafiya ta hana shi gwaji ɗaya, ya tashi da 8 cikin 40, idan ya nemi A zai ga yana buƙatar 62 cikin 60. Ba zai yiwu ba, ko da ya cinye takardar tas 68 zai haɗa. B na nema daga gare shi kashi 86.7, C kashi 70, tsira daga faɗuwa kuma maki 32, kashi 53.3. Labarin ba daɗi, amma jin sa makonni biyu kafin jarrabawa ya fi jin sa ranar da aka liƙa sakamako. Wanda ya san cewa fiye da rabin takardar yake buƙata don kawai ya tsallake ba zai shiga da tunanin “kashi 40 ya ishe ni” ba, kuma wannan tunani shi ne ke kayar da da yawa daga masu raunin makin gwaji. Yana kuma da sauran lokacin da zai kai wa malamin takardar asibiti ya nemi a ba shi gwajin ramuwa, in dokar sashen ta yarda. A tsarin 40 da 60, duk maki ɗaya da aka ƙara a gwaji yana rage kusan kashi 1.7 daga abin da ake nema a jarrabawa, don haka ko maki shida ya samo daga ramuwar, ya sauke wa kansa kashi 10.

Duk wannan ya dogara ga sanin dokar makarantar da mutum yake ciki, ba wadda ya ji a bakin abokinsa na wata makaranta ba. Akwai jami'o'in da suka ɗaga makin tsallakewa zuwa 45, babu E a wurinsu. A karatun likita da na digiri na biyu, 50 ce iyakar da aka fi sani. A kwalejojin kimiyya da fasaha da ke ƙarƙashin hukumar NBTE, ma'aunin mai maki 4 ne, A kuma daga 75 take farawa, tare da matakai irin su AB da BC a tsakani. Jami'ar Ibadan ta shafe shekaru tana amfani da ma'auni mai maki 7. Makarantu da yawa kuma suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin ɗari na lakca kafin a bar ɗalibi ya zauna jarrabawa, wanda kuwa bai cika wannan ba, lissafinsa ba shi da wurin sauka. Duk waɗannan suna rubuce a littafin jagorar ɗalibai da ake rabawa lokacin rajista, littafin da galibi ke kwana a ƙasan akwati har a gama makaranta.

Sai batun ɗigo. Idan lissafi ya ce 43.4, ɗalibi ya rubuta 44 a littafinsa, ya kuma ƙara maki huɗu ko biyar na kariya. Ko za a mayar da 69.5 ta zama 70, wannan ya danganta da dokar makaranta da na'urar da ke haɗa sakamako, ba abin da za a jingina da shi ba ne. Kuma kowa ya san abin da ɗalibi yake zaton ya ci yana fitowa daga zauren jarrabawa yakan ɗara abin da jan biro zai ba shi.

Inda wannan lissafi ya fi nuna amfaninsa shi ne zangon ƙarshe na digiri, lokacin da abin da ake hari ya tashi daga kwas ɗaya ya koma darajar digirin gaba ɗaya. A ma'auni mai maki 5, A tana da maki 5, B 4, C 3, D 2, E 1, F babu komai. Ana ninka wannan da yunit ɗin kwas, a tara na dukkan kwasa-kwasai, a raba da jimillar yunit, abin da ya fito shi ne CGPA. Daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, daraja ta biyu babba daga 3.50, daraja ta biyu ƙarama daga 2.40, ta uku daga 1.50.

A ɗauki ɗalibin aji huɗu da ya yi rajistar yunit 120 tun shigarsa, ya tara maki 410. CGPA ɗinsa 3.42, yana kan daraja ta biyu ƙarama, amma yana hango 3.50. A zangon ƙarshe yana da yunit 18: aikin bincike na kammalawa mai yunit 6, da kwas huɗu masu yunit 3 kowanne. Bayan zangon, jimillar yunit ɗinsa za ta zama 138. Don ya samu 3.50 dole jimillar makinsa ta kai 138 sau 3.5, wato 483. A cire 410 da ke hannu, saura 73. Ragewa ce dai da rabawa irin ta ɗazu: 73 a raba da 18 ya ba da 4.06.

Wannan 0.06 ita ce labarin gaba ɗaya. Idan ya ci B a komai, har da aikin binciken, zai samu 18 sau 4, maki 72. Jimilla 482, a raba da 138, ya tsaya a 3.49. Maki ɗaya tak zai raba shi da daraja ta biyu babba, bayan shekara huɗu, kuma bayan zangon da kowa zai ce ya yi ƙoƙari. Lalle sai ya ci A aƙalla a kwas ɗaya ba tare da ya sauka ƙasa da B a sauran ba. A ɗaya a kwas mai yunit 3 za ta ƙara masa maki 3, ya haɗa 485, ya fita da 3.51. Idan kuma C ta kama shi a kwas ɗaya, ya rasa maki 3, A a aikin binciken za ta dawo masa da 6, ya sake komawa 485. Daga nan zai gane cewa aikin binciken da yake ta ja wa ƙafa, yana gudun ofishin mai duba shi, ya kai nauyin kwas biyu.

To a wane kwas zai nemi A ɗin? Nan ne lissafin farko ke dawowa aiki. A ce tsarin 30 da 70 ne, makinsa na gwaji a kwas huɗun kuma 24, 21, 19 da 15. A kwas mai 24, A na buƙatar 46 cikin 70, kashi 65.7. A mai 21, kashi 70. A mai 19, kusan kashi 73. A mai 15, sai ya kai kashi 78.6, wanda ba ƙaramin aiki ba ne. Amsar a fili take: mai 24 ne zai kai wa hari. Amma akwai abu na biyu da lambobin ke nunawa wanda ido ba ya saurin gani. A kwas mai 15, B kanta tana neman 45 cikin 70, kashi 64.3, kusan daidai da abin da A ke nema a kwas mai 24. Wato kwas ɗin da yake da rauni a ciki zai ci masa ƙarfi daidai da wanda yake neman A, kuma idan ya saki shi ya faɗa C, A ɗin da ya wahala a kanta ta tashi a banza, ya koma 482. Waɗannan kwas biyu su suka cancanci mafi yawan darensa, sauran biyun kuma B ɗinsu na neman kashi 55.7 da 58.6 ne kawai.

Abu biyu ne ke ɓata wannan lissafi na CGPA. Na ɗaya, amfani da lambar da aka riga aka taƙaita, irin 3.42, a maimakon ainihin jimillar maki da yunit da ke kan takardar sakamako; a inda maki ɗaya ke raba daraja, ɗan abin da aka yanke a bayan ɗigo yana iya karkatar da amsa. Na biyu, manta kwas ɗin da aka taɓa faɗi. A yawancin jami'o'i yunit ɗinsa na nan cikin abin da ake rabawa da shi, ko da an sake shi an ci daga baya. Jami'in kula da ajin ko na jarrabawa a sashe shi ne zai iya ba ɗalibi lambobin da ke rubuce a hukumance.

Iyaye masu yara a sakandare ma suna iya yin irin wannan da katin sakamako. Inda makaranta ke duba matsakaicin zango uku kafin ta ciyar da yaro gaba, kuma iyakarta 50, jimillar da ake nema 150 ce. Yaron da ya samu 48 da 45 yana buƙatar 57 a zango na uku. A Jamhuriyar Nijar kuwa, daga Maraɗi zuwa Damagaram, maki a kan 20 ake bayarwa, 10 ce iyakar tsallakewa, kuma kowane darasi yana da lambar nauyi da ake ninka makinsa da ita. A makarantar da jarrabawar ƙarshe ke da nauyi biyu, aikin aji nauyi ɗaya, ɗalibin da ke da 9 a aji kuma yake son ya fita da 12 zai ninka 12 da 3 ya samu 36, ya cire 9, ya raba 27 da 2. Yana buƙatar 13.5 cikin 20.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai ɗalibi ya ga makinsa kafin jarrabawa, kuma a nan nauyi yana kan malamai. Har yanzu akwai kwasa-kwasan da ɗalibai ke shiga jarrabawarsu ba su san ko 5 suke da shi ko 25 ba, takardun gwajin suna ɗaure a ofis ba a mayar musu ba. Gaskiya ne ajin mutum ɗari huɗu ko biyar ba ƙaramin aikin gyara ba ne ga malami ɗaya. Duk da haka, gwajin da ba a ga sakamakonsa ba sai bayan jarrabawa ya rasa rabin dalilin yin sa, kuma ya rufe ƙofar gyaran kurakurai: lambar rajista da ta sauka a layin wani, aikin gida da aka karɓa ba a shigar ba, 21 da aka rubuta 12. Kafin jarrabawa, malami zai iya gyara irin wannan da bironsa cikin minti ɗaya idan ɗalibi ya zo da takardarsa a hannu. Bayan sakamako ya wuce taron sashe da na tsangaya ya isa majalisar jami'a, gyaran maki ɗaya sai an rubuta takardar koke an bi ta ofis-ofis, kuma yakan ɗauki watanni. Don haka ranar da aka liƙa makin, ɗalibi ya ɗauki hotonsa, ya gwada shi da takardun gwajin da ke hannunsa, idan kuma ba a liƙa ba har saura mako biyu, shugaban aji ya je ya roƙa a madadin kowa.